Tambayoyi da amsoshi kan layukan da ke maimaituwa ko ɓacewa idan ana raba sakamako shafi-shafi da OFFSET

Waɗannan tambayoyi sun fito ne daga masu rubuta manhaja a Garwa, Marwa da Njamena, kuma mafi yawansu sun taso ne daga irin matsala guda, wato jerin biyan kuɗi ko jerin sunaye da ake nunawa shafi bayan shafi, sai a tarar wani layi ya fito sau biyu, wani kuma bai fito ba ko sau ɗaya. Misalin da za a bi shi ne na wata ƙungiyar manoman albasa da ke kusa da Marwa, wadda take ajiye rasit ɗin biyan mambobinta a tebur mai suna `biya`.

Mene ne ainihin abin da yake faruwa?

Idan manhaja tana son shafi na biyu, ba ta ci gaba daga inda shafi na farko ya tsaya. Tana aika sabon umarni ne ga rumbun bayanai, shi kuma ya sake tattara layukan daga tushe, ya jera su, ya tsallake adadin da `OFFSET` ya faɗa, sannan ya miƙo adadin da `LIMIT` ya faɗa. Umarnin da ƙungiyar take amfani da shi kamar haka yake:

```sql
SELECT id, rana, suna, kudi
FROM biya
ORDER BY rana
LIMIT 3 OFFSET 3;
```

Wannan tsari yana tafiya daidai ne kawai idan jerin da aka yi domin shafi na farko shi ne ainihin jerin da aka sake yi domin shafi na biyu. Alkawarin da `ORDER BY rana` ya ɗauka kuwa bai kai nan ba. Ya yi alkawarin cewa rasit na ranar 2 zai zo kafin na ranar 3, amma bai ce komai ba game da rasit biyar da aka yanka duk a ranar 3. Waɗannan biyar sun yi kunnen doki, don haka rumbun bayanai yana da 'yancin jera su yadda ya fi masa sauƙi a wannan lokacin, kuma yana da 'yancin sauya jerin a umarni na gaba. Muddin iyakar shafi ta faɗo a tsakiyar layukan da suka yi kunnen doki, to ƙofar maimaici da ɓacewa a buɗe take.

Ko za a iya nuna wannan da lambobi?

A ɗauka tebur ɗin yana da rasit bakwai kawai, domin a ga abin a sarari. Rasit mai lamba 101 na ranar 2 ga Maris ne, kuɗinsa sefa 20,000. Biyar na ranar 3 ga Maris ne: 102 mai 15,000, da 103 mai 40,000, da 104 mai 10,000, da 105 mai 25,000, da 106 mai 15,000. Na ƙarshe, 107, na ranar 4 ga Maris ne, mai 30,000. Jimillar gaskiya ita ce sefa 155,000, kuma kowane shafi yana ɗaukar layi uku.

A umarni na farko rumbun ya jera na ranar 3 da 104 a gaba, sai 102, sai sauran. Shafi na farko ya fito da 101, 104 da 102. A umarni na biyu ya jera su bisa wani tsari dabam, 102, 103, 104, 105, 106, sannan ya tsallake layi uku na farko, wato 101, 102 da 103, ya miƙo 104, 105 da 106. Shafi na uku ya kawo 107.

Yanzu a duba abin da ma'ajin ƙungiyar ya gani. Layuka bakwai ne cif, kamar yadda ya sa rai, don haka ƙidayar layuka ba ta tona komai ba. Amma 104 ya fito sau biyu, 103 kuma an ƙi nuna shi a shafi na farko saboda a lokacin yana baya, an kuma tsallake shi a shafi na biyu saboda a lokacin ya dawo gaba. Jimillar da ma'aji ya tara ta zama sefa 125,000. Giɓin 30,000 ne, kuma abin da ya ƙara rikitar da lissafin shi ne akwai rasit mai 30,000 daidai, wato 107, wanda babu abin da ya same shi. Giɓin bai fito daga rasit guda ba, bambanci ne tsakanin 40,000 da ya ɓace da 10,000 da aka ƙirga sau biyu. Wanda ya tsaya neman rasit mai daidai da adadin giɓin zai ɓata yini yana zargin layin da ba shi da laifi.

Akwai ƙa'ida mai amfani a nan: idan babu wanda ya ƙara ko ya goge komai a tebur yayin da ake bin shafukan, duk layin da ya maimaitu yana nufin akwai wani da ya ɓace. Mai amfani da manhaja yakan kawo ƙarar maimaici ne kawai, domin shi ne ido yake gani.

Me zai sa rumbun bayanai ya sauya jerin, alhali umarnin kusan iri ɗaya ne kuma ba a taɓa bayanan ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mutane, domin a ganinsu kwamfuta ba ta sauya ra'ayi. Amsar ita ce umarnin biyu ba iri ɗaya ba ne a wurin rumbun, tun da lambar `OFFSET` tana shiga cikin lissafin yadda za a gudanar da aikin.

A PostgreSQL, idan akwai `LIMIT`, rumbun ba ya wahalar da kansa wajen jera dukkan tebur. Yana riƙe tarin layuka ne daidai da jimillar `OFFSET` da `LIMIT`, yana karanta sauran ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da wanda ya fi nisa daga tarin duk lokacin da wanda ya fi cancanta ya zo. Idan shafi yana ɗaukar layi 50, tarin shafi na farko 50 ne, na shafi na biyu 100, na uku 150. Wannan hanyar jerawa ba ta kiyaye tsarin da layuka masu kunnen doki suka shigo da shi, kuma wanda zai tsira a cikin tarin ya dogara da girman tarin. Ana iya ganin hanyar da aka bi idan aka sa `EXPLAIN ANALYZE` a gaban umarnin, inda za a karanta layi irin wannan:

```
Sort Method: top-N heapsort  Memory: 25kB
```

Idan aka yi nisa cikin shafuka, wannan layi yakan koma `quicksort`, ko `external merge` idan aikin ya fi ƙarfin `work_mem` har aka koma rubutu a faifai. Kowace daga cikinsu tana warware kunnen doki ta nata salon. MySQL ma ya shigo da irin wannan dabara ta ƙaramin tari a zubi na 5.6, kuma shi ya sa wasu manhajojin da suka yi shekaru suna aiki lafiya suka fara nuna maimaici bayan an sabunta rumbun, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na umarninsu ba.

Ban da salon jerawa, mai tsara aiki na rumbun yana iya zaɓar bin fihirisa a shafukan farko, domin layuka kaɗan ake bukata, sannan ya koma karanta tebur gaba ɗaya idan `OFFSET` ya yi girma. Tun daga zubi na 9.6, PostgreSQL yana kuma iya raba karatun babban tebur ga ma'aikata da dama a lokaci guda, kuma wanda ya riga kawo nasa layukan yau ba lallai ne shi zai riga gobe ba. Sannan akwai batun gyara: a PostgreSQL, `UPDATE` yana rubuta sabon kwafin layin ne a wani gurbi, don haka gyara harafi ɗaya a sunan manomi ya isa ya sauya matsayin rasit ɗinsa a cikin 'yan'uwansa na rana ɗaya.

To me ya sa ban taɓa ganin matsalar a kwamfutata ba, sai a wurin masu amfani?

Domin bayanan gwaji sukan kasance kaɗan, kuma sukan bambanta da juna fiye da na gaske. Mai gwaji yakan shigar da layi ashirin da hannu, kowanne da ranarsa, a tebur da ba a taɓa gyara komai a cikinsa ba. A wurin aiki kuwa, ranar kasuwa guda tana iya tara rasit ɗari biyu masu kwanan wata ɗaya, su mamaye shafi huɗu.

A MySQL akwai ƙarin abin da ke ɓoye ta. Kowace fihirisa ta biyu a tebur na InnoDB tana ɗauke da babban mabuɗin tebur a cikinta, saboda haka idan rumbun ya bi fihirisar `rana`, layukan rana ɗaya sukan fito bisa tsarin `id` da kansu. Abin yakan yi kama da tabbas, har ranar da aka ƙara wani sharaɗi a `WHERE` ko tebur ya girma, rumbun ya bar fihirisar ya koma jerawa da kansa.

Ina jerawa da lokacin shigarwa, har da daƙiƙa. Shin wannan bai isa ba?

Sau da yawa bai isa ba. A MySQL, `DATETIME` da ba a ba shi lamba a gaba ba yana tsayawa ne a daƙiƙa, kuma layuka da yawa suna iya shiga cikin daƙiƙa guda. A PostgreSQL lokacin yana kaiwa har kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, amma `now()` yana ba da lokacin da aka buɗe ma'amala ne, wato rukunin umarnin da rumbun yake zartarwa a dunƙule, ba lokacin da aka rubuta kowane layi ba. Wannan ya shafi yankinmu sosai, domin inda layin sadarwa yake yankewa, wakilin ƙauye yakan tara rasit a wayarsa tsawon yini, sai ya iso gari ya tura su gaba ɗaya. Idan rasit tamanin suka shiga cikin ma'amala guda, dukkansu za su ɗauki lokaci ɗaya tak.

Mene ne gyaran?

A ƙara wa `ORDER BY` wani ginshiƙi na ƙarshe wanda babu layi biyu da suka yi tarayya a cikinsa, domin ya raba gardama. A mafi yawan tebur, babban mabuɗi ne:

```sql
SELECT id, rana, suna, kudi
FROM biya
ORDER BY rana, id
LIMIT 3 OFFSET 3;
```

Da wannan, jerin rasit bakwai ɗin nan guda ɗaya ne kacal mai yiwuwa, daga 101 zuwa 107, ko da wace hanya rumbun ya bi. Shafi na farko zai kawo 101, 102, 103, na biyu 104, 105, 106, na uku 107, jimilla kuma ta koma 155,000. Mai karatu ba zai ga wani sauyi a tsarin ranaku ba, tun da `id` ba ya magana sai inda `rana` ta yi shiru.

Dole ne gyaran ya shiga kowane irin jeri da manhajar take bayarwa. Idan mai amfani yana iya danna kan ginshiƙi ya jera da suna, ko da kuɗi, ko da gari, to kowanne yana bukatar `id` a ƙarshensa, kuma ya fi kyau a yi wannan a wuri guda cikin manhajar maimakon a dogara da tunawar kowane mai rubutu. Haka abin yake a SQL Server da Oracle, inda ake rubuta `OFFSET 3 ROWS FETCH NEXT 3 ROWS ONLY`. SQL Server yana tilasta a sa `ORDER BY` kafin ya karɓi `OFFSET`, amma ba ya bincika ko jerin ya raba kowane layi da ɗan'uwansa.

Shin ƙarin ginshiƙin ba zai rage saurin aiki ba?

Idan rumbun dama yana jerawa da kansa, ƙarin kwatanta `id` a inda aka yi kunnen doki ba wani nauyi ba ne. Idan kuwa yana bin fihirisa ne, sai a ba shi wadda ta dace da sabon jerin:

```sql
CREATE INDEX biya_rana_id ON biya (rana, id);
```

Fihirisar nan tana hidima ga `ORDER BY rana, id`, tana kuma hidima ga `ORDER BY rana DESC, id DESC`, domin ana iya karanta ta daga ƙarshe zuwa farko. Abin da ba ta iya ɗauka gaba ɗaya shi ne gauraye, kamar `rana DESC, id ASC`. Tun da babu wanda ya damu da ko mai raba gardama yana hawa ne ko yana sauka, a sa shi ya bi alkiblar ginshiƙin da ke gabansa.

Na ƙara ginshiƙin da nake ganin ba ya maimaituwa, amma har yanzu ina ganin matsalar. Ina kuskuren yake?

Wuri na farko da za a duba shi ne `JOIN`. Idan aka haɗa tebur na manoma da tebur na biya, manomi guda mai rasit biyar zai fito a layi biyar, dukkansu da lambar manomi ɗaya. Lambar ba ta maimaituwa a teburinta, amma tana maimaituwa a sakamakon, kuma sakamakon ake jerawa. A nan sai an rufe da `biya.id`, ko da mabuɗan teburan biyu.

Na biyu shi ne ginshiƙi mai `UNIQUE` wanda aka bari yana karɓar `NULL`, kamar lambar wayar mamba. A PostgreSQL da MySQL, a tsarinsu na asali, layuka da yawa suna iya zama babu lamba, kuma dukkan marasa lambar kunnen doki suke yi da juna.

Na uku ya shafi rubutu. A MySQL 8.0 tsarin kwatanta haruffa na asali shi ne `utf8mb4_0900_ai_ci`, wanda ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, ba ya kuma kula da alamomin da Faransanci ke ɗorawa a kan wasula. Sunan gari da wani akawu ya rubuta `Ngaoundéré`, wani kuma ya rubuta `ngaoundere`, daidai suke a idon rumbun ko da yake ido yana ganin bambanci. A ƙasar da ake cike takardu da Faransanci, ana rubuta sunan mutum ɗaya ta hanya uku, bai kamata a amince wa suna ya raba gardama ba ko kaɗan.

Ta yaya zan tabbatar cewa wannan ce matsalata, ba wata ba?

Da farko a tambayi tebur ɗin ko akwai kunnen doki a ginshiƙan da ake jerawa da su:

```sql
SELECT rana, COUNT(*)
FROM biya
GROUP BY rana
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Idan umarnin ya dawo da ko layi ɗaya, jerin ba shi da tabbas, ko da ba a taɓa ganin maimaici ba tukuna. Bayan haka a ɗauki kwafin bayanan da babu mai rubutu a cikinsa, a bi dukkan shafuka daga farko zuwa ƙarshe, a tara lambobin `id`, a kwatanta yawan waɗanda aka tara da yawan lambobi daban-daban da ke cikinsu. A misalinmu za a sami bakwai da shida. Yana da kyau a sake gwajin da ƙananan shafuka, kamar layi biyu ko uku, domin yawan iyakokin shafi yana ƙara damar faɗawa tsakiyar kunnen doki. Sai dai a tuna cewa gwajin da ya wuce lafiya bai wanke umarnin ba, ya nuna ne kawai cewa a wannan karon rumbun bai sauya hanya ba. Karanta `ORDER BY` da ido ya fi gwajin ƙarfin hujja.

Me zai hana in sa `DISTINCT`, ko in sa manhajar ta riƙa share layin da ta riga ta nuna?

`DISTINCT` yana aiki ne a cikin umarni guda, maimaicin kuwa tsakanin umarni biyu yake, don haka babu abin da zai gani. Sharewa a ɓangaren manhaja kuma ta fi barin matsalar muni, a ganina, domin tana kawar da alama ɗaya tilo da za ta sa wani ya yi ƙorafi. Rasit 104 zai daina fitowa sau biyu, amma 103 na nan a ɓace, kuma manomin da ya biya 40,000 zai ci gaba da zama kamar bai biya ba.

Na gyara jerin, amma idan ana shigar da sabbin rasit har yanzu layi yana maimaituwa. Shin gyaran bai yi ba ne?

Gyaran ya yi, wannan wata cuta ce dabam mai kama da ta farko. `OFFSET` ƙidayar matsayi yake yi, matsayi kuma yana motsawa idan aka ƙara ko aka cire layi a gaba. A ce ana nuna sabbin rasit a sama, ma'aji ya karanta shafi na farko, kafin ya danna na biyu wani akawu ya shigar da rasit guda. Kowane layi ya ja baya da mataki ɗaya, saboda haka na ƙarshen shafi na farko zai zama na farkon shafi na biyu. Idan gogewa aka yi, akasin haka ne zai faru, layi guda ya haura zuwa shafin da aka riga aka wuce ba tare da an gan shi ba.

Ana bambanta su ta alamominsu. A matsalar motsi, layin da ya maimaitu kullum yana bakin iyaka, daga ƙasan wannan shafi zuwa saman na gaba, kuma ba ta faruwa a kwafin da babu mai rubutu. A matsalar kunnen doki, layin yana iya fitowa a ko'ina cikin 'yan'uwansa masu ƙima ɗaya, kuma tana faruwa ko da tsakar dare ne babu kowa a ofis.

Wace hanya ce take maganin duka biyun?

Ita ce a daina ƙirga layukan da za a tsallake, a riƙa faɗa wa rumbun layin ƙarshe da aka gani, shi kuma ya ɗora daga nan. Shafi na farko ya ƙare a kan rasit 103 na ranar 3 ga Maris, don haka shafi na biyu zai zama:

```sql
SELECT id, rana, suna, kudi
FROM biya
WHERE (rana, id) > ('2024-03-03', 103)
ORDER BY rana, id
LIMIT 3;
```

Ko an ƙara rasit goma a gaba, ko an goge biyu, abin da ke bayan 103 bai sauya ba. Hanyar ta kuma fi sauri a shafuka masu nisa, domin `OFFSET 50000` yana sa rumbun ya bi layi dubu hamsin ya zubar, alhali a nan fihirisar `(rana, id)` tana kai shi wurin kai tsaye. A lura cewa ita ma tana bukatar mai raba gardama. Wanda ya rubuta `WHERE rana > '2024-03-03'` kawai zai tsallake 104, 105 da 106 gaba ɗaya, kuma zai yi hakan a kowane lokaci.

SQL Server ba ya karɓar kwatanta ginshiƙai biyu a haɗe kamar haka, don haka a can ana warware sharaɗin:

```sql
WHERE rana > '2024-03-03'
   OR (rana = '2024-03-03' AND id > 103)
```

Iyakar wannan hanyar ita ce ba ta iya tsallakawa kai tsaye zuwa shafi na 40, sai dai gaba da baya, kuma idan ginshiƙin jeri yana karɓar `NULL` sai an yi masa tanadi na musamman, tun da kwatanta `NULL` da kowace ƙima ba ya ba da gaskiya. Layin da aka sauya wa kwanan wata ana cikin karatu shi ma yana iya ƙaura daga gaban layin ƙarshe da aka gani zuwa bayansa.

Idan rahoton ƙarshen wata nake fitarwa, wanne zan bi?

Rahoton kuɗi yana bukatar dukkan layukan su fito daga hoto guda na bayanan, don haka ya fi dacewa a fitar da shi da umarni ɗaya a riƙa karɓar sakamakon kaɗan-kaɗan, ko kuma a gudanar da dukkan shafukan cikin ma'amala guda mai matakin `REPEATABLE READ`, wanda a PostgreSQL da InnoDB yake sa karatun ya ga bayanan yadda suke tun farkon karantawa. Wannan yana hana motsin da sabbin rasit ke kawowa, amma ba ya hana rumbun sauya tsarin layukan da suka yi kunnen doki, saboda haka `id` yana nan a ƙarshen `ORDER BY`. Jimillar kuɗin kuma a nemo ta daga rumbun da `SUM(kudi)` a cikin wannan ma'amalar, a buga ta a ƙasan rahoton, domin ma'aji ya sami abin da zai kwatanta da abin da shafukan suka tara.